Babi na Biyar: Gane Tashbihi, Isti'ara da Kinaya a Cikin Zube

Balarabe idan ya so ya gaya maka cewa Hamidu mai kyauta ne, yana iya cewa *Hamidun karimun*, magana ta ƙare. Amma yana iya cewa Hamidu kamar teku yake. Yana iya cewa jiya ya ziyarci teku, har tekun ya ba shi riga. Yana iya cewa, "Hamidu yana da hannu a kaina." Yana kuma iya cewa wutar gidan Hamidu ba ta mutuwa. Saƙon ɗaya ne, kyautar Hamidu, amma kowace jimla ta biyo da kai ta wata hanya, wata a sarari, wata sai ka yi tunani kafin ka isa. Sanin waɗannan hanyoyi shi malaman balaga suke kira ilimin Bayani, ɗaya daga cikin rassa uku na balagar Larabci, sauran biyun su ne Ma'ani da Badi'i.

Wanda ya fi kowa zurfafa tunani a kan wannan fage shi ne Abdulƙahir Aljurjani, wanda ya rasu a shekara ta 471 bayan hijira, a littafinsa *Asrarul Balaga*. Bayansa Sakkaki, wanda ya rasu a 626, ya tsara maganar babi-babi a kashi na uku na *Miftahul Ulum*, sannan Ƙazwini, wanda ya rasu a 739, ya taƙaita wannan kashi a *Talhisul Miftahi*. Rabe-raben da ɗalibai suke haddacewa yau galibi daga wannan taƙaitawar suka gangaro. A zaurukan ƙasar Hausa an fi saduwa da su ta *Jauharul Maknun* na Abdurrahman Al'ahdari, wato mai littafin Ahalari da yara suke fara koyon tsarki da salla a cikinsa, da kuma *Uƙudul Juman* na Suyuɗi. A makarantun aji kuwa *Albalagatul Wadiha* na Ali Aljarim da Mustafa Amin ne ya fi yawo.

Matsalar da ake yawan gani wajen ɗalibai ita ce sun haddace sunaye, amma idan aka ajiye musu shafi guda na zube aka ce su nuno inda isti'ara take, sai su tsaya. Dalili shi ne an koya musu rabe-rabe kafin a koya musu tambayar da ake yi wa jimla. Tambayoyin kuwa ba su wuce uku ba. An ambaci abin da aka kamanta da abin da aka kamanta shi da shi duka biyun, ko ɗaya kaɗai? Alaƙar da ke tsakanin kalmar da aka faɗa da ma'anar da ake nufi kama ce, ko wani abu daban? Sannan akwai abin da ya hana a ɗauki maganar a yadda take a zahiri, ko babu? Duk abin da zai zo a wannan babi amsar waɗannan tambayoyi ne.

Tashbihi

Tashbihi shi ne ka haɗa abu biyu a kan wata siffa da suka yi tarayya a cikinta. Ɗauki cikakkiyar jimla: *Hamidun kal bahri fil judi*, Hamidu kamar teku yake wajen kyauta. Rukunai huɗu ne a cikinta. Hamidu shi ne wanda aka kamanta, *mushabbah*. Teku shi ne abin da aka kamanta shi da shi, *mushabbah bihi*. Harafin *ka* shi ne kalmar kamantawa, *adatu*, kuma 'yan uwansa su ne *ka'anna* da *mislu* da *yushbihu*. Kyauta kuwa ita ce fuskar kama, *wajahush shabahi*.

Biyun farko su ne ginshiƙai. Biyun ƙarshe ana iya sauke su. Idan an ambaci kalmar kamantawa, tashbihin *mursali* ne, idan an sauke ta *mu'akkadi* ne. Idan an ambaci fuskar kama *mufassali* ne, idan an yi shiru a kanta *mujmali* ne. Wannan duk abu ne mai sauƙi, kuma bai kamata a ɓata wa ɗalibi mako guda a kansa ba. Inda ya cancanci a tsaya shi ne lokacin da aka sauke su duka biyu aka ce *Hamidun bahrun*, Hamidu teku ne. Wannan shi ake kira tashbihi *baligi*, kuma malamai suna ganin ya fi sauran ƙarfi saboda dalili biyu. Kalmar "kamar" tana tuna wa mai sauraro cewa abubuwan nan biyu daban suke, cire ta kuwa da'awa ce cewa ɗaya ne. Ambaton fuskar kama kuma yana ƙuntata magana a kan siffa guda, to idan aka yi shiru sai zuciya ta ɗauki faɗin teku da zurfinsa da rashin ƙarewarsa gaba ɗaya.

A nan ne ɗalibai da yawa suke faɗuwa. Da zarar sun ga babu "kamar", sai su rubuta isti'ara. Amma a wurin mafi yawan malaman balaga, muddin Hamidu yana cikin jimlar kuma teku yana cikinta a matsayin abin da ake ba da labari da shi, ba a fita daga tashbihi ba. Akwai waɗanda suka saɓa a kan wannan, sai dai maganar da littattafan karatu suka tafi a kai ita ce wadda na faɗa.

Akwai sharaɗi ɗaya da ake mantawa: siffar ta kasance ta fi ƙarfi ko ta fi shahara a wurin abin da aka kamanta da shi. Shahara kuwa al'ada ce take yanke ta. Larabawa sun saba teku na kyauta ne da ilimi, zaki na jarunta, wata ɗan daren goma sha huɗu na kyan fuska, dutse na haƙuri da nutsuwa. Mai karatu Bahaushe da ya ga an kira mutum dutse zai iya zaton taurin kai ko rowa ake nufi, alhali marubucin Balarabe yabo yake yi. Saboda haka idan fuskar kama ba ta fito a jimla ba, a al'adar masu harshen ake neman ta.

Wani lokaci fuskar kama ba siffa guda ba ce, hoto ne da aka harhaɗa daga abubuwa da dama. Idan na ce mai cin bashi don ya biya bashi kamar mai haƙa rami ne don ya cike wani ramin, ban kamanta mutum da mutum ba, ban kuma kamanta bashi da rami kawai ba. Hali na kamanta da hali: wahala ana sha, giɓin kuwa wuri kawai yake sauyawa. Wannan shi ne tashbihin *tamsili*, kuma Aljurjani ya daɗe a kansa domin shi ne yake sa abin da hankali kaɗai ke riska ya zama kamar ido na ganinsa.

Isti'ara

Yanzu a sauke ɗaya daga cikin ginshiƙan nan biyu. *Zurtu bahran fa a'aɗani sauban*, na ziyarci teku sai ya ba ni riga. Hamidu ya ɓace daga jimlar, teku ya tsaya a gurbinsa. Wannan ita ce isti'ara: tashbihin da aka cire ɓangare ɗaya daga cikin ɓangarorinsa biyu. Ta fi tashbihi baligi ƙarfi domin mai magana bai ma tsaya yana da'awar Hamidu teku ne ba. Ya ɗauka an riga an gama wannan, ya ci gaba da labarinsa.

To ta yaya mai sauraro ya san ba tekun gaske ake nufi ba? Ta wurin "ya ba ni riga". Teku ba ya ba da riga. Wannan kalmar da ta toshe ma'anar zahiri ita ake kira *ƙarina*, kuma babu isti'ara sai da ita. Da mutum zai ce "na ziyarci teku" ya yi shiru, alhali Hamidu yake nufi, to bai yi balaga ba, ɓatar da mai sauraro ya yi. Wani lokaci ƙarina ba ta cikin lafazi, tana cikin halin da ake ciki. Idan muna zaune Hamidu ya shigo, wani ya ce "ga teku nan ya iso", idanunmu ne suka zama ƙarina. Ina ganin ɗalibin da ya saba wa kansa nuna ƙarina da yatsa kafin ya ambaci sunan kowace isti'ara ya gama rabin aikin wannan fanni.

A jimlar da ta gabata an ambaci teku an ɓoye Hamidu. Irin wannan ita ce *tasrihiyya*, domin an fito fili da abin da aka kamanta da shi. Amma ana iya juyawa, a ambaci wanda aka kamanta, a ɓoye abin da aka kamanta shi da shi, a bar wata alama tasa kawai. *Garazal faƙru anyabahu fil ƙaryati*, talauci ya kafa fiƙoƙinsa a ƙauyen. Talauci yana nan a jimla. An kamanta shi da naman daji mai cizo, amma ba a ambaci zaki ko kura ba, fiƙoƙi kaɗai aka bari su nuna inda dabbar ta ɓuya. Wannan ita ce *makniyya*. Duk inda ka ga an ba abu marar rai hannu ko baki ko murmushi ko fushi, to ka fara zarginta. Ita ce ta fi yawa a zuben zamani, a jarida da labari, kuma ita ce ta fi wucewa ba a lura ba, domin kunne ya saba da ita.

Hanyar warware isti'ara, wadda malamai suke kira *ijra'i*, ita ce ka maido da tashbihin da aka rushe. Ka ce: an kamanta talauci da naman daji a kan cutarwa da halakarwa, aka cire naman dajin, aka nuna shi da wani abu nasa wato fiƙoƙi, ƙarina kuwa ita ce jingina fiƙoƙi ga talauci. Idan ka kasa maido da tashbihin, wato ka nemi kama tsakanin abin da aka faɗa da abin da ake nufi ka rasa, to ka sani ba isti'ara ce a hannunka ba, wani abu ne daban da za mu zo kansa.

Akwai wuri guda da yake rikita ɗalibai, kuma yana da kyau a faɗe shi tun yanzu. Idan isti'arar ta faɗo a kan aikatau, kamar a ce talauci ya ciji mutanen ƙauye, ana iya warware ta ta hanya biyu. Kana iya cewa an kamanta tsananin cutarwa da cizo, aka ari "cizo" aka ciro "ya ciji" daga gare shi, wannan ita ake kira *taba'iyya*. Kana kuma iya cewa an kamanta talauci da dabba, cizo shi ne alamarta, wato makniyya. Duka biyun daidai ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka haɗa su a lokaci guda, ka ƙirga isti'ara biyu a wurin da guda ce.

Bayan ƙarina ta cika, marubuci yana iya ƙara magana. Idan ƙarin ya dace da abin da aka aro, kamar ya ce ya ziyarci teku mai zurfi wanda ba a hango gaɓarsa sai ya ba shi riga, to ya ƙarfafa da'awar, ana kiranta *murashshaha*. Idan ƙarin ya dace da mutumin ne, kamar ya ce tekun yana sanye da rawani yana murmushi, to ya sassauta ta, ana kiranta *mujarrada*. Malamai sun fifita ta farko, domin ita ce take sa mai sauraro ya manta da cewa kamantawa ake yi.

Idan alaƙar ba kama ba ce

Koma ga jimlar nan: *li Hamidin alayya yadun*, Hamidu yana da hannu a kaina, ana nufin ya yi mini alheri. Gwada maido da tashbihi. Alheri ya yi kama da hannu? Bai yi ba. Hannu dai shi ne sanadin alheri, da shi ake miƙawa. An ambaci sanadi ana nufin abin da ya haifar. Wannan shi ne majazi *mursali*: kalma ta bar ma'anarta ta asali, akwai ƙarina da ta hana a koma can, amma abin da ya haɗa ma'anonin biyu maƙwabtaka ce, ba kama ba.

Littattafai suna jero alaƙoƙi masu yawa, kuma ba sai an haddace su duka a rana ɗaya ba. Waɗanda aka fi karo da su a zube kaɗan ne. Ana ambaton ɓangare ana nufin duka, kamar yadda Larabawa suke kiran ɗan leƙen asiri *ainun*, wato ido, saboda ido ne mafi muhimmanci a aikinsa. Ana ambaton duka ana nufin ɓangare, kamar wanda ya ce ya sha ruwan Nilu alhali kofi guda ya sha. Ana ambaton wuri ana nufin mutanen cikinsa, kamar majalisa ta yanke hukunci. Ana kuma kiran abu da sunan abin da yake a da, ko abin da zai zama nan gaba. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Kullum yana cewa fada ta hana, tukunya ta tafasa, alhali sarki da fadawansa ne suka hana, ruwan da ke cikin tukunyar ne kuma ya tafasa.

Kinaya

Saura jimla ta ƙarshe: *la tanɗafi'u naru Hamidin*, wutar Hamidu ba ta mutuwa. A nan abin ya sauya gaba ɗaya. Teku bai taɓa ba kowa riga ba, talauci ba shi da fiƙoƙi, amma wutar murhun Hamidu tana iya kasancewa da gaske ba ta mutuwa. Babu kalmar da ta toshe zahiri. Mai magana dai ba labarin wuta ya dame shi ba, abin da wutar take lizimtawa yake so ka kai gare shi. Wannan ita ce kinaya: a faɗi magana ana nufin abin da yake biyo bayanta dole, tare da cewa ma'anar asali tana iya zama gaskiya. Wannan yiwuwar ita ce iyakar da ke tsakaninta da majazi ko wane iri.

Sanannen misalin Larabawa shi ne su ce wane *kasirur ramadi* ne, mai yawan toka. Bi matakan a hankali. Yawan toka yana nuna yawan ƙona itace. Yawan ƙona itace yana nuna yawan girki. Yawan girki yana nuna yawan masu ci, yawan masu ci yana nuna yawan baƙi, yawan baƙi kuma yana nuna karamci. Tsani ne mai hawa da yawa, kuma irin wannan kinaya mai nisa ana kiranta *talwihi*. Wata kuwa taki ɗaya ce, kamar su ce wane *ɗawilun nijadi* ne, mai dogon maratayin takobi, wato dogo ne, domin gajere ba ya rataya dogon maratayi.

Ƙarfin kinaya yana cikin cewa tana kawo da'awa tare da shaidarta. Wanda ya ce Hamidu mai kyauta ne ya ba ka hukunci, kana iya gaskatawa ko ka ƙi. Wanda ya nuna maka tokar ya bar ka ka yanke hukuncin da kanka. Tana da wani amfani kuma wanda Bahaushe ya fi kowa saninsa, wato kunya da sakaya zance, irin yadda ake cewa mace tana da juna biyu, ko wane ya zaga baya.

Kinaya iri uku ce gwargwadon abin da aka ɓoye. Idan siffa aka ɓoye, kamar karamci a maganar toka, kinaya ce *an sifatin*. Idan mai siffar aka ɓoye aka ambaci abin da ya keɓanta da shi, kamar a ce mai mihirabi ana nufin liman, kinaya ce *an mausufin*. Ta ukun ta fi laushi. A nan ana ambaton siffar da sunanta, a ambaci mutumin, amma sai a jingina siffar ga wani abu da ke manne da shi: *alkaramu fi baiti Hamidin*, karamci yana cikin gidan Hamidu. Ba a ɓoye karamci ba, ba a ɓoye Hamidu ba, jinginawar ce aka karkatar. Ita ce kinaya *an nisbatin*.

Aiki na farko

Ga wani ɗan labari da na tsara a kan salon zuben Larabawa. Karanta shi sau biyu. A karo na biyu ka ja layi a ƙarƙashin duk inda kake zaton magana ta bar zahirinta, ka yi mata tambayoyin nan uku, kafin ka duba bayanin da ke biye.

"A shekarar fari jiragen hatsi suka daina shigowa Basra daga teku. Yunwa ta buɗe bakinta a kan unguwannin talakawa, kasuwar dabino ta zama kamar maƙabarta wajen shiru. Gwamna ya baza idanunsa a cikin gari su gano masu ɓoye alkama. A cikin attajirai akwai wani tsoho, Shaihu Hamidu, wanda tun farkon farin ba a sauke tukunya daga murhunsa ba. Miskinai sukan ce Shaihu Hamidu inuwa ne. Da ya kwanta ciwo, unguwa ta kwana a ƙofarsa tana addu'a. Ranar Juma'a aka ɗauki wani dutse a kan makara zuwa kushewarsa, waɗanda suka yi ta kushe shi yana da rai kuwa suka koma gida suna cizon yatsa."

Tekun da ke jimlar farko tarko ne. Jirage daga teku suke zuwa, babu ƙarina, babu wata ma'ana ta biyu, saboda haka haƙiƙa ce tsantsa. Wanda ya ja masa layi don ya ga kalmar teku a baya ya haddace misali ne bai fahimci ƙa'ida ba.

Yunwa da ta buɗe baki makniyya ce: an kamanta ta da dabba mai haɗiya, an ɓoye dabbar an bar bakinta. Kasuwa da maƙabarta tashbihi ne cikakke, ga "kamar" ga "wajen shiru", wato mursali mufassali. Idanun gwamna majazi mursali ne, ɓangare a gurbin duka, kuma ƙarinarsa ita ce "ya baza" da "su gano", domin mutum ba ya aika idonsa cikin gari. Tukunyar da ba a sauke ba kinaya ce a kan karamci, kuma lura cewa babu abin da ya hana tukunyar ta kasance a kan murhu da gaske. "Shaihu Hamidu inuwa ne" tashbihi baligi ne, ɓangarorin biyu suna nan. Unguwa da ta kwana tana addu'a wuri ne a gurbin mazaunansa.

Dutsen da ke kan makara shi ne isti'ara tasrihiyya. Sunan Hamidu bai fito a jimlar ba, dutse ya tsaya a madadinsa saboda nutsuwa da kasancewa madogara, makara da kushewa kuwa su ne ƙarina. Kwatanta ta da jimlar inuwa, za ka ga bambancin baligi da isti'ara a wuri ɗaya. Cizon yatsa kinaya ce a kan nadama, domin mai nadama yakan ciji yatsan nasa da gaske.

Aiki na biyu

Waɗannan gajerun jimloli ne na Larabci. Ka faɗi nau'in kowace, ka kuma kawo dalili.

1. *Assabru dir'un.* Haƙuri sulke ne.
2. *Zara'al fallahu hubzan.* Manomi ya shuka gurasa.
3. *Ja'al amilu yajurru rijlaihi.* Ma'aikaci ya zo yana jan ƙafafunsa.
4. *Haɗaba asadun alal minbari.* Wani zaki ya yi huɗuba a kan mumbari.
5. *Al'amanatu fi dukkani Salimin.* Amana tana cikin shagon Salimu.
6. *Namatil madinatu.* Birni ya yi barci.

Ta farko baligi ce, ba ta buƙatar dogon bayani. Ta biyu majazi mursali ne, an kira alkama da sunan abin da za ta zama, kuma "shuka" ita ce ƙarina tun da ba a shuka gurasa. Ta uku kinaya ce a kan gajiya, ko a kan rashin son zuwa, abin da ya gabace ta a labari ne zai tantance wanne. Ta huɗu tasrihiyya ce, huɗuba da mumbari suka hana a ɗauke ta a zahiri. Ta biyar kinaya ce an nisbatin: an ambaci amana, an ambaci Salimu, aka sa amanar a shagonsa maimakon a ce shi amintacce ne.

Ta shida ita ce na fi so ka daɗe a kanta, domin ita kaɗai ba ta isa ta yanke wa kanta hukunci ba. Idan marubucin ya ci gaba da cewa birni ya yi barci bayan sallar isha, ba mai farkawa sai masu gadi, to mutanen birnin yake nufi, majazi mursali ne, wuri a gurbin mazauna. Idan kuwa ya ce birni ya yi barci, ya lumshe fitilunsa, ya ja mayafin dare ya rufa, to birnin kansa ya mayar mutum, makniyya ce, kuma lumshewa da jan mayafi sun sa ta zama murashshaha. Idan aka kawo maka ita tsurarta a jarrabawa, ka zaɓi ɗaya daga cikin biyun, ka rubuta alaƙar da ka dogara da ita da ƙarinar da ka gani, ka kuma ambaci cewa ɗaya fuskar tana yiwuwa.